TAKARDAR SHAIDAR BIYAN HARAJI: ABIN DA YA HANA WANI MATASHI KWANGILAR MILIYAN 45

Ga rubutaccen shirin wannan makon ga waɗanda ba su samu damar saurare ba, ko kuma data ta yi musu gardama.

Yau maganar takardar shaidar biyan haraji za mu yi, wadda 'yan kwangila ke kira TCC. Idan ka riƙe ta a hannu, abin da za ka gani an rubuta a samanta shi ne Tax Clearance Certificate. Tambayoyi sun yi yawa a kanta a akwatin saƙo, kuma kusan duk iri ɗaya ne: "Malam, nawa ake yin TCC?" "Wa ka sani da zai fitar min da ita kafin Juma'a?" To wannan tambayar ita kanta akwai gyara a cikinta. TCC ba abin saye ba ce kamar fom. Rahoto ce a kan abin da ka riga ka yi cikin shekara uku da suka wuce. Abin da ka gaya wa hukumar haraji a waɗancan shekarun, shi za ta buga maka a takarda, kuma shi masu ba da kwangila za su karanta. Zan ba ku labarin wani matashi da na zauna da shi a kan wannan matsalar a 2025, don a cikin labarinsa kusan komai ya fito. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi ma'aikatar da abin ya shafa ba.

Amma bari mu fara da abin da ke cikin takardar.

Idan ta kamfani ce, za ka ga sunan kamfanin, lambar rajistarsa, lambar harajinsa wato TIN, da ofishin harajin da yake ƙarƙashinsa. Sai kuma wani jadawali mai shekaru uku. A ƙarƙashin kowace shekara akwai jimillar cinikin da kamfanin ya bayyana, da ribar da aka ɗora wa haraji, da harajin da ya kamata a biya, da wanda aka biya, da wanda ya rage in akwai. A ƙasa kuma akwai ranar da takardar za ta daina aiki, galibi 31 ga Disamba na shekarar da aka fitar da ita. Shi ke nan. Abin da take shaidawa shi ne: wannan kamfanin ya kawo bayanan shekarun nan uku, kuma ko dai ya biya abin da aka lissafa masa, ko kuma babu harajin da ya hau kansa.

Ku lura da wannan na ƙarshen, don mutane da yawa ba su san shi ba. Ana iya ba ka TCC alhali ko sisi ba ka biya na harajin riba ba. Daga dokar kuɗi ta 2019 har zuwa ƙarshen 2025, kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba, harajin ribarsa sifili ne, kuma har yanzu ƙananan kamfanoni ba sa biya. Amma an ce ba za ka biya ba ne, ba a ce kada ka kawo bayani ba. Wanda ya kawo bayani a kan lokaci aka ga shi ƙarami ne, zai karɓi takardarsa lafiya lau. Wanda ya yi shiru kuma, yana cewa ai ni ƙaramin kamfani ne, tara ce ke taruwa a kansa wata bayan wata.

Akwai kuma abin da takardar ba ta shaidawa. Ba wanke ka ta yi har abada ba. Hukuma na da ikon ta dawo ta binciki littattafanka na shekarun baya, a al'ada har zuwa shekara shida, in ta ga ka ɓoye wani abu ta sake maka lissafi, ko da ta taɓa ba ka TCC ta waɗannan shekarun. Sannan TCC ta kamfani ba ta ɗauke wa daraktocinsa nasu harajin ba. Kamfani daban, kai daban.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren farko da nake gani kullum: zuwa ofishin da ba naka ba.

Idan kamfaninka mai Ltd ne a ƙarshen sunansa, harajin ribarsa na gwamnatin tarayya ne. Hukumar da muka saba kira FIRS ke ba da takardar, wadda yanzu ta koma NRS bayan sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, suka fara aiki a Janairun 2026. Idan kuwa sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista a CAC, irin su wane da wane Enterprises ko Ventures ɗin da ba Ltd, to a idon doka kai da kasuwancin abu ɗaya ne. Harajin da za ka biya na kuɗin shigar mutum ne, kuma na jihar da kake zaune ne. Mazaunin Kano, KIRS. Mazaunin Kaduna, KADIRS. Mazaunin Abuja, FCT-IRS. Inda kake zaune ake dubawa, ba garin haihuwarka ba. Ɗan Katsinan da ke zaune a Kano, Kano zai biya. Shi ya sa za ku ga a tallar kwangilar tarayya ana cewa a kawo TCC ta kamfani, ko kuma in sunan kasuwanci ne, a kawo ta kowane ɗaya daga cikin masu shi.

To yaushe ake neman ta? Dokar harajin mutane ta daɗe da jero wurare da yawa: neman takardar mallakar fili, amincewa da zanen gini, sauya mallakar gida, neman rancen gwamnati, lasisin shigo da kaya, naɗi a muƙamin gwamnati, da sauransu. Wasu wuraren ana matsawa, wasu ana kau da kai. Amma inda ba a wasa da ita shi ne kwangilar gwamnati. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta ce a sashe na 16 duk mai neman kwangila sai ya kasance ya sauke nauyin haraji da na fansho da ke kansa. TCC ita ce hujjar ɓangaren haraji. Ana buɗe ambulan ɗinka, kafin a kalli farashin da ka sa, kafin a kalli ƙwarewarka, sai an bi jerin takardun dole ɗaya bayan ɗaya: rajistar CAC, TCC ta shekara uku mai aiki har ƙarshen shekarar, takardar PenCom, ta ITF, ta NSITF, shaidar rajista da BPP. In ɗaya ta yi ƙasa, an ajiye ka gefe. Ko da farashinka ya fi na kowa sauƙi, ba wanda zai gani, don ba za a ma kai ga buɗe shi ba. Jihohi suna da nasu dokokin, wasu har suna ƙara neman TCC ta daraktoci. Manyan kamfanoni masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji ma sukan nema kafin su sa ka cikin jerin masu kawo musu kaya, duk da cewa su tsarinsu ne na cikin gida.

Yanzu ga labarin.

Wannan matashin yana da kamfani mai Ltd, yana kawo kayan ofis da kujeru da kwamfutoci. Shekarar lissafinsa tana ƙarewa 31 ga Disamba. A farkon Maris na 2025 ya ga talla a jarida, wata ma'aikatar tarayya na neman mai kawo kaya, aikin da shi ya ƙiyasta zai kai miliyan 45. An ba da mako huɗu. Tallar ta ce a kawo TCC ta 2022, 2023 da 2024, kuma matsakaicin cinikin shekara kada ya gaza miliyan 30, kamar yadda ya bayyana a jikin TCC ɗin. Ku riƙe wannan sharaɗin, za mu dawo kansa.

Abu na farko da ya rikita shi shi ne shekarun. Ya ɗauka 2024 da aka ce, cinikin 2024 ake nufi. A'a. A tsarin harajin kamfanoni, ana ɗora harajin kowace shekara ne a kan lissafin shekarar da ta gabace ta. Wato layin da aka rubuta 2024 a jikin takardar, lissafin da ya ƙare Disambar 2023 ne. Layin 2023, lissafin 2022 ne. Layin 2022, lissafin 2021. Saboda haka babban cinikin da ya yi a 2024, wanda yake ta alfahari da shi, bai ma shigo cikin maganar ba tukuna. Wannan kaɗai ya kashe masa jiki.

Ya shiga shafin TaxPro Max, wanda FIRS ta fara aiki da shi a 2021, kuma tun Janairun 2023 ta sanar cewa wanda ba a bin sa komai zai iya fitar da TCC ɗinsa nan take daga shafin. Kuma gaskiya ne, na ga waɗanda suka fitar cikin 'yan mintuna. Shi ya danna, ta ƙi fita. Dalili: bai shigar da bayanan lissafin 2023 ba. Doka ta ba kamfani wata shida bayan ƙarshen shekarar lissafinsa, wato nasa wa'adin ya cika 30 ga Yunin 2024.

Na ce masa, me ya hana ka? Ya ce, "Yaya, ai sun riga sun cire." Wannan maganar na ji ta ya fi sau nawa. Abin da yake nufi shi ne, a 2023 ya yi wa wata ma'aikata aikin miliyan 20, da za su biya shi suka cire kashi 5 cikin ɗari, naira miliyan ɗaya, a matsayin harajin da ake cirewa tun daga tushe, wanda za ku ga an rubuta WHT a takardar biya. Shi a tunaninsa an gama. To ba a gama ba. Wannan kuɗin kamar kafin alƙalami ne, an ajiye maka shi a wurin hukuma. Sai ka kawo lissafin shekara, an ga nawa ne ainihin harajinka, sannan a cire abin da aka riga aka karɓa, ka cika sauran. In ba ka kawo lissafin ba, kuɗin na nan a ajiye, kai kuma a rubuce ba ka yi komai ba.

Bari mu yi lissafin tare, ba shi da wuya. Cinikinsa na 2023 miliyan 40 ne. Ya haura miliyan 25, bai kai 100 ba, don haka a dokar wancan lokacin yana cikin matsakaitan kamfanoni masu biyan kashi 20 cikin ɗari na riba. Bayan an cire kuɗin sayen kaya, haya, albashi, sufuri, ribar ta tsaya a wajen miliyan 6. Kashi 20 na miliyan 6, miliyan 1 da dubu 200 ke nan. Sai harajin ilimi, wanda ke tafiya TETFund, kashi 3 cikin ɗari, wajen dubu 180. In aka cire miliyan ɗayan da aka riga aka karɓa daga harajin riba, saura dubu 200. Harajin ilimi kuwa ba a biyan sa da wancan kuɗin da aka cire, da kuɗi hannu ake biya. Gaba ɗaya abin da zai fitar daga aljihu dubu 380 ne. Mutumin da ya yi cinikin miliyan 40, dubu 380 ce ta tsaya masa, kuma da ya biya a Yunin 2024 da an wuce wurin.

Da yake ya makara, sai tara ta shigo. A tsohuwar doka, rashin kawo bayani a kan lokaci dubu 25 ne a watan farko, dubu 5 kowane wata bayan nan. Daga Yulin 2024 zuwa Maris 2025 wata tara ne, dubu 65 ke nan. Ga kuma ƙarin kashi 10 cikin ɗari da kuɗin ruwa a kan harajin da aka jinkirta. Ya ji haushi, amma abu ne da zai iya biya. A nan zan ɗan tsaya in ja kunnenku: a sabuwar dokar da ta fara aiki a 2026, wannan tarar ta koma dubu 100 a watan farko, dubu 50 kowane wata bayansa. Wata taran nan da ya ci masa dubu 65, yanzu dubu 500 ne. Duk mai kamfanin da ya ajiye a durowa yana cewa ai ba na komai da shi, ya yi wannan lissafin da kansa.

To, ya samo akanta, aka haɗa lissafi, odita ya duba ya sa hannu, aka shigar. Wannan ya ci kwana goma. Ya zo zai yi amfani da miliyan ɗayansa da aka cire, ya duba a shafin, babu ita. Sifili.

Wannan ita ce matsalar da ta fi kowace cin rai, don ba kai kaɗai ke da laifi ba, kuma ba kai kaɗai za ka iya gyarawa ba. Cirewa daban, turawa daban. Wanda ya cire maka kuɗin dole ya tura wa hukumar haraji, kuma ya haɗa da jadawalin da ke nuna sunanka da TIN ɗinka da adadin. Sai an yi haka kuɗin zai bayyana a shafinka. Abu biyu ke faruwa: ko an cire ba a tura ba, ko an tura da lambar da ba taka ba. Nasa na biyun ne. Kafin ya buɗe kamfani mai Ltd yana da tsohon sunan kasuwanci, kuma tsohuwar lambar ce ke cikin fayil ɗinsa a sashen kuɗi na waccan ma'aikatar. Da ita suka tura. Kuɗin ya shiga, amma ba a sunan kamfanin ba.

Gyaran wannan sai da wasiƙa daga ma'aikatar da ta yi kuskuren, da shaidar turawar, a kai ofishin haraji, a bi. Ba aikin kwana biyu ba ne. Ya je sau uku, yau an ce mai sa hannu ya tafi taro, gobe an ce fayil ɗin na wurin wani. Zaɓi biyu ya rage masa: ya jira gyara wa'adin talla ya wuce, ko ya biya miliyan ɗayan da kuɗinsa, in an gyara daga baya ta zauna masa a matsayin ajiya ta shekara mai zuwa. Ya ranto ya biya. Ni da ya tambaye ni kafin ya ranto, da na ce ya dakata mu duba wani abu tukuna. Bai tambaya ba.

TCC ta fito ana saura kwana biyar. Ya turo min hotonta da murna. Na duba layin ciniki: miliyan 18, miliyan 22, miliyan 40. Ku tara, miliyan 80. Ku raba uku, miliyan 26 da 'yan kai. Talla ta ce 30.

Na kira shi na ce, wannan 22 ɗin fa? Don na san a 2022 ya yi aiki sosai. Ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya cinikin ya kai 35. Wani ne ya ba shi shawara a lokacin, ya ce kada ya bari ya haura 25, sai ya ƙi kai wa akanta wasu rasitai da bayanan wani asusun banki. Ribar shekarar wajen miliyan 4 ce, wato harajin da ya guje wa bai wuce dubu 800 ba, in ka haɗa da na ilimi ya ɗan ɗara. Yanzu ku mayar da 35 a wurin 22. 18 da 35 da 40, 93 ke nan. A raba uku, 31. Da ya tsallake.

Ka ga inda abin yake. Takardar da yake ganin ta haraji ce kawai, ita ce kuma takardar da ke faɗa wa gwamnati girman kamfaninsa. Ya ce wa hukuma shi ƙarami ne don kada ya biya, hukuma ta rubuta ƙarami, ma'aikata ta karanta ƙarami. Ba wanda ya zalunce shi a nan. Kuma ba yadda za ka kawo lissafin odita mai cewa 35 alhali TCC na cewa 22, don masu tantancewa suna jera su gefe da gefe, saɓanin da ke tsakaninsu ma wani dalilin ne na fitar da kai.

Ana iya gyarawa? Ana iya. Mutum na iya komawa da kansa ya ce bayanin da na bayar bai cika ba, ya shigar da gyararre, ya biya bambancin da tara da kuɗin ruwa. Ya fi a kamo ka, musamman yanzu da hukuma ke iya ganin abin da ma'aikatu suka biya ka ta hanyar WHT ɗin da suka tura. Amma ba a kwana biyar ba, kuma gyaran da aka yi ana gobe rufe talla, kowa ya san zai jawo tambayoyi.

A nan ne wani ya kawo masa tayin da na san an taɓa kawo wa da yawa daga cikinku. Akwai yaro a wani shagon kwamfuta, zai mayar da 22 ta koma 35, ba mai ganewa. Jama'a, wannan zamanin ya wuce. TCC ta yanzu tana da lamba da alamar QR, duk wanda ke da waya zai iya duba ta a shafin tantancewa na hukumar, kuma abin da ke cikin rumbun hukuma shi zai fito, ba abin da ke kan takardarka ba. Ma'aikatu kuma suna rubuta wa hukumar su tabbatar. Dokar 2007 ɗin nan, a sashe na 58, ta sa amfani da takardar bogi cikin laifuffuka. Kamfanin da kotu ta kama, za a hana shi kwangilar gwamnati aƙalla shekara biyar, da tarar kashi 25 cikin ɗari na darajar kwangilar, daraktoci kuma akwai ɗauri a kansu. Kashi 25 na miliyan 45 ya haura miliyan 11. Alhamdu lillahi bai yi ba. Ya haƙura da aikin.

To in kai ne, yaya za ka bi ka samu taka ba tare da wannan wahalar ba?

In kamfani ne, fara da tabbatar da cewa TIN ɗinka na aiki kuma kana iya shiga shafin hukumar da kanka. Da kanka na ce. Da yawa imel ɗin da aka yi rajista da shi na wani ejan ne da ya yi musu rajistar CAC shekaru biyar da suka wuce, yanzu ko lambarsa ba su da ita. Ranar da kake sauri ba ranar neman sa ba ce. Sannan duk shekara, da an rufe lissafi, ka kai wa akanta komai: bayanan duk asusun banki na kamfani, rasitai, takardun biya. A shigar kafin wata shida su cika. Sabon kamfani kuma yana da wata 18 daga ranar rajista, ko wata shida bayan ƙarshen shekarar lissafinsa ta farko, duk wanda ya riga zuwa. Kuma sabon kamfani ma ana ba shi TCC, sai dai za ta nuna babu ciniki a shekarun da bai yi aiki ba, don haka ba za ta kai shi ga aikin da aka sa wa sharaɗin ciniki ba. Da ƙananan ayyuka ake gina ta.

Kada ka manta da VAT in kana cikin masu shigar da shi. Bayaninsa duk wata ne, kafin 21 ga watan da ke biye, ko da ba ka sayar da komai ba a watan, ko da ma'aikata ta cire shi da kanta. Wata ɗaya da aka tsallake shekara biyu baya yana iya riƙe TCC. Shi wannan matashin Allah Ya taimake shi a nan, yana shigarwa.

Sai maganar WHT. Duk lokacin da aka biya ka aka cire, kada ka jira ƙarshen shekara. Ka ba su wata ɗaya zuwa biyu, ka shiga shafinka ka duba ko ya bayyana. In bai bayyana ba, ka koma tun wanda ya yi aikin yana kan kujerarsa, tun fayil ɗin bai shiga sito ba. Kuma ka sa TIN ɗin kamfani a jikin kowace takardar neman biya da ka rubuta, manya-manya. Adadin cirewar ma ya sauya tun Janairun 2025, na kawo kaya ya sauko zuwa kashi 2 cikin ɗari, don haka in ka ga an cire maka 5 a irin wannan aikin, ka tambaya.

In komai ya daidaita, takardar kanta ba wani abin wahala ba ce, ka nema a shafin ka sauke ka buga. Abin da kake biya harajinka ne da ladan akantanka. Doka ta ce in ka nema, cikin mako biyu a ba ka ko a faɗa maka dalilin hanawa. Saboda haka in ta tsaya, kada ka tsaya rarrashi a bakin ƙofa, ka rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ofishin harajinka, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka nemi a gaya maka a rubuce abin da ya riƙe ta.

In kuma ta mutum ce kake nema, ga ma'aikaci mai albashi abin ya rataya ne a kan wurin aikinsa: suna cire PAYE duk wata, amma sun tura wa jiha? Sun kai bayanin shekara kafin 31 ga Janairu da sunanka a ciki? In sun yi, da takardun albashinka da wasiƙa daga wurin aiki za ka nema a hukumar jiharku. Mai sana'ar kansa ko mai sunan kasuwanci kuma zai je ya bayyana abin da ya samu a shekara kafin ƙarshen Maris, a yi masa ƙiyasi, ya biya ta banki ko ta shafin hukumar, ya riƙe rasit. Kada ka ba wani kuɗi a hannu ya ce zai biya maka. Kuma wanda ya zo rana ɗaya yana son ta shekara uku, zai biya na shekara ukun ne a dunƙule, kuma jami'in da ya ga kana sauri ba shi da dalilin sassauta maka ƙiyasi.

Wani ya tambaya a saƙo ko TCC ɗin da ya karɓa a Nuwamba za ta yi masa aiki a Fabrairu. In an rubuta ta ƙare 31 ga Disamba, ta ƙare, ko da wata ɗaya kacal ta yi a hannunka. Shi ya sa 'yan kwangilar da suka san kan abin, aikinsu na farko a Janairu shi ne fitar da sabuwa, tun kafin tallace-tallace su fara fitowa.

Shi kuma mutumin namu, miliyan ɗayansa ta bayyana bayan wata huɗu da fara bi. Lissafin 2024 ya shigar da shi tun a watan Mayu, cikakke, ba a rage komai ba. A takardar 2026, layin miliyan 18 ya fita, babban cinikin 2024 ya shigo. Layin 22 ɗin nan kuwa yana nan, sai a takardar 2027 zai fita.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ɗauki takardar PenCom da ta ITF, wa ya wajaba a kansa, wa aka ɗauke wa. Masu tambaya a kan TCC ku ajiye a ƙasa, amma don Allah kada ku turo hoton takardarku a fili, akwai TIN ɗinku a jiki. Sai mun haɗu.